Jawabin Buɗe Muhawara: A Fara Koyar da Yaranmu da Hausa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban zama, alƙalai, malamanmu, mai kula da agogo, 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu da suka bar sana'o'insu a kasuwar Gadarif, nan gabashin Sudan, suka zo, barkanku da war haka.

Ni ce mai magana ta farko a ɓangaren masu goyon baya. Abin da muke nema shi ne: a unguwannin da Hausawa suka fi yawa, a riƙa yi wa yara bayanin darasi da Hausa tare da Larabci daga aji 1 zuwa aji 3, kuma a ware darasi 2 a mako na karatu da rubutun Hausa. Larabci yana nan a matsayinsa, da shi za a rubuta jarrabawar shahada. Na faɗi wannan tun yanzu don kada abokan hamayya su ɓata mintinsu a kansa.

Ina da ƙane, bara ya shiga aji 1. Ustaz zai gama bayani ya ce, "Fahimtu?" Aji ya amsa baki ɗaya, "Fahimna!" Da ƙanena a ciki, har ya fi kowa ɗaga murya. Da daddare na zaunar da shi na ce biyar a cire biyu saura nawa, da Larabci, yadda yake a littafi. Ya zuba mini ido. Na ɗebo gyaɗa biyar na ajiye a tabarma na ce, "In Inna ta cinye biyu fa?" Kafin in rufe baki ya ce uku, ya kwashe su ya watsa a baki. Yaron ya iya lissafi, alƙalai. Tambayar ce ba ta isa kunnensa ba. Irinsa ne ake kira daƙiƙi wata da watanni, har shi ma ya yarda, wata rana a tarar da shi a gonar riɗi ya ce ya gama da makaranta. Ku tambayi malaman da ke zaune a nan, sun san yaran da sunayensu.

Na biyu, kayan aikin yana hannunmu. Hausa tana da ajami, wato rubutu da haruffan Larabci, irin waɗanda yaro ke wankewa a allo a halwa, wato makarantar allo. Yaron da ya rubuta "ruwa" da "gida" da hannunsa ya kama ra da wawu da dal, kuma ya san abin da ya rubuta. Gobe in ya gamu da su a littafin Larabci, tsofaffin abokai ne.

Kuma ajamin nan gadonmu ne. Kakanninmu sun taka da ƙafa daga Kano da Sakkwato da Haɗeja, ta Junaina da Fashir da Ubayyid, suna neman Sawakin don su haye zuwa Makka. Wasu sun taso ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello ya ci gaba da tafiya da jama'a har suka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar. A akwatin kakata akwai wasiƙa da ajami, naɗe cikin tsumma, tawadar ta koma ja. Mu goma sha ɗaya ne jikokinta a gida. Dukkanmu muna iya furta haruffan, amma sai an aika a kira wani tsoho daga masallaci kafin a san me aka ce.

Na uku gajere ne. Tsarin mulkin wucin gadi na 2005, a sashe na 8, ya kira harsunan Sudan na gida harsunan ƙasa, ya ce a girmama su a bunƙasa su. Ashe ƙasar nan ta taɓa rubuta maganarmu da hannunta.

Na san za a ce ba littattafai, ba malamai, kuma tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 makarantu suka daɗe a rufe, wasu suka zama masaukin 'yan gudun hijira. Za a ce ajin akwai yaran da ba Hausawa ba. Maganganu ne masu nauyi, ba zan yi musu riga malam masallaci ba. Sai na ji yadda suka kawo su.

Tambaya ɗaya na bar musu a kan tebur: yaron da ya riga ya yi asarar shekara guda ta karatu, shin akwai wata shekarar da za a sake kashewa yana amsa "fahimna" bai fahimta ba?

Mai girma shugaba, ina roƙon a ajiye mini mintina ɗaya na mayar da martani sai sun gama. Na gode.