Rahoton Gwaji na 2, Auna g da Lilo: Tattaunawa Kan Sakamako

Matsakaicin g, wato ƙaruwar saurin abu mai faɗuwa saboda jan duniya, da muka samu shi ne 9.41 m/s², alhali a Kano ana sa ran kusan 9.78 m/s². Ba da 9.81 na littafi muka kwatanta ba, domin g na raguwa idan aka kusanci ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu. Giɓin ya kai kashi 3.8 cikin ɗari, kuma duka awo biyar ɗin sun faɗi ƙasa da abin da ake tsammani.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda giɓin yake tafiya da tsawon zare. Da zare mai santimita 40 mun samu 9.05, da 60 muka samu 9.36, da 80 muka samu 9.49, da 100 muka samu 9.56, da 120 kuma 9.60. Zare na ƙara tsawo, sakamako na matsowa kusa da daidai. Wannan kaɗai ya wanke agogon da muka yi amfani da shi: da a ce yana gudu ko yana jinkiri, da ya karkatar da dukkan awon da kashi iri ɗaya. Saboda haka a cikin yadda muka gudanar da gwajin ya kamata a nemi dalili.

Dalili na farko shi ne inda muka tsayar da awon tsawo. A lissafin g = 4π²L/T², T shi ne lokacin kai-komo ɗaya, L kuma yana farawa daga inda aka ɗaure zare har zuwa tsakiyar ƙwallon ƙarfen. Mu kuwa a kan ƙugiyar da ke saman ƙwallon muka tsaya. Da muka koma muka auna, daga ƙugiyar zuwa tsakiyar ƙwallon santimita 1.5 ne. A zare mai santimita 120 wannan kashi 1.25 ne kacal, amma a na 40 ya kusa kashi 4.

Dalili na biyu ya fi ɓuya. Don mu riƙa sakin ƙwallon daga wuri ɗaya, mun yi alama da alli a gefen tebur, santimita 20 daga inda ƙwallon yake rataye, kuma ba mu sauya alamar ba duk da muna sauya tsawon zare. Nisan ɗaya ne, amma kusurwar ba ɗaya ba ce. A santimita 120 kusurwar ba ta kai digiri 10 ba. A santimita 40 kuwa digiri 30 ce cif. Lissafin da muka yi amfani da shi na ƙaramar kusurwa ne. Idan kusurwa ta yi girma, lokacin kai-komo yana ƙaruwa da kusan θ²/16, ana auna θ da radiyan. A digiri 30 wannan ƙarin kashi 1.7 ne a kan T, kuma tun da T² ne ke cikin lissafin, g zai ragu da kusan kashi 3.4.

Da muka gyara waɗannan biyun, 9.05 ya koma 9.72, 9.60 kuma ya koma 9.75. Awon da a da suke da tazarar 0.55 tsakaninsu yanzu 0.03 ce ta raba su, kuma wannan haɗuwar ita ce babbar hujjarmu cewa bayanin ya kama hanya.

Ragowar giɓin bai fi ƙarfin saurin hannun mai danna agogo ba. Kai-komo 20 na gajeren zaren ya ɗauki daƙiƙa 26.4, kuskuren daƙiƙa 0.2 wajen dannawa zai motsa g da kusan 0.14, sama ko ƙasa. Mun kuma duba ko mun yi kuskuren ƙidaya, wato ƙirga "ɗaya" a lokacin sakin ƙwallo. Da haka ta faru, da kai-komo 19 muka ɗauka a matsayin 20, g kuma ya haura maimakon ya sauka. Wannan bai yi daidai da abin da muka gani ba, sai muka ajiye shi.

Har yanzu gyaran nan a kan takarda yake, kuma ba mu lissafa raguwar faɗin kai-komo yayin da lilon ke tafiya ba, don haka mai yiwuwa gyaran kusurwar ya ɗan wuce kima. Abin da zai tabbatar da shi shi ne a maimaita awon santimita 40 da agogon nan da zaren nan, a auna L har tsakiyar ƙwallon, a saki a digiri 5, a ƙirga kai-komo 50. Idan bayaninmu daidai ne, g zai fito tsakanin 9.7 da 9.85 ba tare da wani gyara ba. Idan kuma ya tsaya kusa da 9.05, to akwai wani dalili dabam da za mu koma mu nema.