Tsarin Darasi: Harafin k da Karanta Jimlar Farko da Hausa

An shirya wannan darasi domin aji ɗaya na firamare a wata makarantar Islamiyya da ke unguwar Aboabo a Kumasi. Yaran aji 46 ne, galibinsu 'yan shekara shida, kuma za a gabatar da darasin ranar Talata ta mako na shida a zangon farko, cikin minti 60 na safe kafin tashin tara.

Dalilin darasin

Manufar ilimi ta Gana ta tanadi a koyar da yara da harshen gida tun daga ajin reno har zuwa aji uku, Turanci yana matsayin darasi, sannan ya zama harshen koyarwa daga aji huɗu. Sai dai harsuna 11 da gwamnati ta amince a buga littattafai da su, irin su Twi da Ga da Ewe da Dagbani da Gonja, babu Hausa a cikinsu, don haka littafin da ke zuwa mana na Twi ne, alhali yara 38 cikin 46 da Hausa suke tashi, da ita suke faɗa a filin wasa, da ita kuma ake aikensu sayen wake da shinkafa. Ra'ayina shi ne yaron da aka ɗora wa koyon harafi da koyon sabon harshe a lokaci guda yakan koma hadda kawai, ya riƙa maimaita abin da ke kan allo da murya mai daɗi ba tare da ya karanta komai ba. Shi ya sa, da amincewar shugabar makaranta, muke fara buɗe ido da Hausa, mu kuwa malamai mu ne muke rubuta kayan karatun da hannunmu.

Abin da ake so a cimma

A ƙarshen darasi ana so kowane yaro ya gane sautin k idan ya ji shi a farkon kalma, ya haɗa shi da wasula biyar ya karanta ka, ke, ki, ko, ku, kuma ya karanta jimlar "Kaka ta ba ni koko" yana nuna kowace kalma da yatsa. Yaran sun riga sun koyi wasulan tare da b, n, t da m, saboda haka babu harafi ko ɗaya a jimlar da ba su sani ba in ban da k.

Kayan aiki su ne allo da alli, da katuna da aka yanka daga kwalin sabulu, da marafan kwalba guda goma sha ɗaya ga kowane benci waɗanda aka rubuta harafi a cikin kowanne, sai kuma kofin koko da malama za ta saya a bakin hanya ta shigo da shi a rufe.

Gabatarwa (minti 10)

Bayan sallama da gaisuwa, malama za ta buɗe kofin ta tambaya: "Yara, mene ne wannan, kuma wa ya sha shi yau da safe?" A bar su su yi magana sosai, su faɗi wanda ya saya musu da abin da suka haɗa da shi, ko ƙosai ne ko burodi. Daga nan malama ta faɗi "koko" a hankali tare da tafi biyu, yara su maimaita, sannan ta ce su kawo wasu kalmomi masu farawa da irin wannan sauti, kamar kifi, kujera, kaza da kasuwa. Ba a rubuta komai a wannan mataki, kunne ake koya wa aiki tukuna.

Gabatar da harafi da haɗa gaɓoɓi (minti 20)

Malama za ta rubuta k babba a allo tana faɗin yadda hannu yake tafiya, yara su rubuta a iska, sannan a kan benci da yatsa. Sautin harafin za a faɗa, kada a kira shi da sunansa na Turanci, domin sunan yana hana yaro haɗa k da o ya sami ko.

Nan ne ake buƙatar natsuwa. Kusan dukan yaran suna zuwa makarantar allo da yamma, sun san kaf, kuma idonsu ya saba farawa daga dama. Sanin kaf riba ne, sai malama ta ce: "Wannan shi ne sautin da Malam yake koya muku a kaf, amma a boko daga hagu muke tasowa." Ta ɗiga jan alli a gefen hagu na allo, kowane yaro kuma a ɗiga masa a littafinsa. Idan yaro ya jera marafansa ya sa o kafin k, kada a tsawata masa, a kama yatsansa a ɗora kan ɗigon a ja zuwa dama. Yara biyu-biyu za su jera ka, ke, ki, ko, ku, ɗaya ya jera ɗaya ya karanta, sannan su haɗa gaɓa biyu su fitar da koko, kaka, baki da taki.

Hausar Zango, wato wadda ake yi a unguwannin Hausawa na Gana, tana da nata lafazi, yara da yawa ba sa bambanta k da ƙ, kuma wasu za su ce "Kaka ya ba ni" ko da tsohuwa mace suke nufi. Haka iyayensu suke magana, kuma ba daidai ba ne a kunyata yaro a kan harshen uwarsa a darasin da aka gina kan harshen. Malama ta karɓi abin da ya faɗa, ta nuna masa cewa a kan allo t ce a rubuce, ya karanta abin da ya gani. An ajiye ƙ sai zango na biyu, don haka in wani ya kawo ƙosai a matsayin misali, a yaba masa, a ce harafinsa yana nan tafe.

Karanta jimla (minti 15)

A ba yara biyar katunan kalmomin jimlar, su tsaya a gaban aji a hargitse, sauran su gyara musu tsayuwa. A karanta tare sau biyu kawai, domin daga na uku hadda ta fara. Sannan malama ta musanya kati ɗaya, ta sa Baba a madadin Kaka, ta ga wa zai lura. A tambaye su wa ya ba da kokon, kuma wa aka ba, don a tabbatar ma'anar ta shiga. Yara takwas da suke jin Twi ko Dagbani a gida za a zaunar da su kusa da abokan da ke jin harsunan biyu, a kuma tambaye su sunan kaka a gidansu.

Rubutu da auna fahimta (minti 15)

Kowa zai rubuta gaɓoɓin biyar da kalma biyu da malama za ta yi shifta, koko da baki. Yayin da suke rubutu, malama ta kira yara goma ɗaya bayan ɗaya, ta nuna musu kalmar da ba a karanta yau ba, wato kuma ko tabo, ta rubuta sakamakon a rajista. Wanda ya karanta baƙuwar kalma shi ne ya iya, sauran yaran kuma za a bi su a kwanaki huɗu masu zuwa.

Turanci a yau na baka ne kaɗai, a lokacinsa na bayan tara, gaisuwa da waƙa da sunayen kayan aji, ba tare da an rubuta shi ba, saboda Turanci yana rubuta wannan sauti da k da c da ck, kuma zai rikita abin da aka gina da safe.

Aikin gida shi ne kowane yaro ya karanta wa wani babba jimlar, ya kuma dawo da sunan abu ɗaya na gidansu mai farawa da k. Idan aƙalla bakwai cikin goman da aka gwada sun karanta baƙuwar kalma, za a shiga harafin s ranar Laraba, in kuwa ba su kai ba, za a maimaita k da sababbin kalmomi.