Gayyatar zaman sulhu kan iyakar gonakin bakin rafi

Assalamu alaikum Alhaji Sani da Malam Garba, da fatan ana lafiya, ya iyali. Mai unguwa ne yace in sanar daku duka biyun a sako daya cewa za'a zauna kan maganar iyakar gonakinku na bakin rafi ranar Asabar bayan la'asar a zaurensa, liman ma zai zo. Kowa ya taho da takardar da yake da ita da dattijo daya wanda ya san wajen, kuma kowa za'a bashi lokaci daidai ya fadi nasa har ya gama ba mai katse shi. Kafin ranar dai an roki kowa ya dakata da aiki a wajen da ake maganar. In lokacin bai yiwa wani ba ya fada min a sake. Sunayen ma yadda suka zo a wayata na rubuta. Allah ya daidaita tsakani.