Tsarin Darasi: Shigar da Ciniki a Leja, Ajin SS1

Darasi: Ilimin Kasuwanci. Aji: SS1, ɗalibai 52. Lokaci: zango na biyu, mako na huɗu, minti 80. Kayan aiki: allo, alli fari da ja, rula, da falle biyu-biyu na takardar leja ga kowane benci.

Manufa: kafin a kaɗa ƙararrawa, ɗalibi ya iya faɗin asusu biyun da kowane ciniki ya taɓa, ya shigar da shi a ɓangaren da ya dace, ya rufe asusu ya fitar da ragowa. Sun riga sun san rasit da littafin shigarwar farko tun makon jiya.

Buɗe darasi (minti 8)

Malam ya tambaya: mai shago ya ba maƙwabci sukari bashi, me ya ragu a shagon, me kuma ya ƙaru? Za su ce kaya sun ragu. A matsa musu har wani ya ce "kuɗin da yake bi ya ƙaru". Daga nan a rubuta a allo: kowane ciniki fuska biyu gare shi, kuma leja ita ce littafin da kowace fuska ke da shafinta.

Ƙa'ida (minti 10)

A zana asusu mai siffar T. Hagu debit, dama kiredit, da alamominsu Dr da Cr, domin su ɗalibai za su tarar a takardun WAEC da NECO. Kowane ɓangare na da gurbin kwanan wata, bayani, shafi da kuɗi. Asusun da ya karɓa a yi masa debit, wanda ya bayar a yi masa kiredit. A gurbin bayani kuwa sunan ɗaya asusun ake rubutawa.

A nan ne alat na banki ke rikita yara, kuma sai an tsaya a kansa. Sun saba ganin kiredit a waya idan kuɗi ya shigo, sai su kai kuɗin da shago ya karɓa dama. A bayyana musu cewa alat daga littafin banki yake fitowa: kuɗinka a wurin banki bashi ne da kake bin sa, shi ya sa yake yi maka kiredit. A littafinka kai kuwa, kuɗin da ya shigo debit ne.

Misalan da malam zai warware (minti 25)

Wata mai shagon atamfa a Kantin Kwari, watan Maris:

1 ga wata ta fara da jarin ₦500,000, tsabar kuɗi. 3 ga wata ta sayi atamfa ta ₦200,000 kuɗi hannu. 5 ga wata ta sayi kantar jera kaya ₦60,000. 8 ga wata ta karɓo atamfa ta ₦150,000 bashi daga dila. 12 ga wata ta yi cinikin ₦120,000 kuɗi hannu. 15 ga wata ta ba wani tela kayan ₦80,000 bashi. 20 ga wata ta rage wa dila ₦100,000. 25 ga wata tela ya kawo ₦50,000. 28 ga wata ta biya hayar shago ₦30,000. 30 ga wata ta ɗebi ₦20,000 don cefanen gida.

Uku na farko malam ya yi su shi kaɗai, yana faɗin tunaninsa da baki: wane asusu da wane? Wa ya karɓa? Kada alli ya taɓa lamba sai an ambaci asusu biyun. Na 1 ga wata: debit tsabar kuɗi, kiredit jari. Na 3: debit saye, kiredit tsabar kuɗi. Na 5 tarko ne, a ɗan dakata a kansa. Kanta ba ta sayarwa ba ce, kadara ce, don haka asusunta daban, ba ta shiga asusun saye.

Huɗun da ke biye a yi su tare da aji, malam na riƙe da alli, ɗalibai na ba da amsa. A na 8 ga wata a bar gurbin tsabar kuɗi yadda yake, a tambaye su dalili: ko sisi bai motsa ba, debit saye, kiredit dila. Uku na ƙarshe ɗalibai uku su fito allo. Kuɗin cefane yana zuwa asusun cire kuɗi na mai shago, domin aljihunta daban, na shago daban.

Sai a rufe asusun tsabar kuɗi:

| Dr | ₦ | Cr | ₦ |
|---|---|---|---|
| Jari | 500,000 | Saye | 200,000 |
| Sayarwa | 120,000 | Kanta | 60,000 |
| Tela | 50,000 | Dila | 100,000 |
| | | Haya | 30,000 |
| | | Cire kuɗi | 20,000 |
| | | Bal c/d | 260,000 |
| Jimla | 670,000 | Jimla | 670,000 |
| Bal b/d | 260,000 | | |

A rubuta ragowar da jan alli. Ana sa ta a ɓangaren da ya gaza don jimla biyun su yi daidai, sannan a sauko da ita ƙasan layi a ɗaya ɓangaren, ranar 1 ga Afrilu. Da yawa sukan manta saukowar, asusun ya zama kamar aljihun tebur babu komai. Sauran ragowa: saye ₦350,000, kanta ₦60,000, tela ₦30,000, haya ₦30,000, cire kuɗi ₦20,000, duk debit, jari ₦500,000, sayarwa ₦200,000, dila ₦50,000, duk kiredit. Idan aka haɗa da ragowar tsabar kuɗi ₦260,000 a debit, kowane gefe ₦750,000.

Aikin ɗalibai, daga mai sauƙi zuwa mai wuya (minti 30)

Mataki na ɗaya, maki 4, minti 5. Babu zane, asusu biyun kawai za a faɗa: an sayi janareta don shago kuɗi hannu; an biya kuɗin wuta ta banki; an sayar wa mai rini kaya bashi; mai shago ta ƙara jari a banki. Wanda bai sami uku ba ya dawo bencin gaba a maimaita masa misalin 8 da 15 ga wata, kada ya wuce.

Mataki na biyu, maki 6, minti 8. Asusu ɗaya tak: wani kwastoma ya karɓi kayan ₦90,000 da na ₦35,000 bashi, ya biya ₦70,000. A zana asusunsa a rufe. Amsa: ana bin sa ₦55,000, c/d a kiredit, b/d a debit.

Mataki na uku, maki 10, minti 17. Mai sayar da hatsi a Dawanau, watan Afrilu: ya zuba jarin ₦300,000 a banki, ya karɓi masarar ₦180,000 bashi daga dila, ya mayar da ta ₦20,000 da ƙwari suka ci, ya sayar da ta ₦140,000 aka turo masa ta banki, ya biya dila ₦100,000 da kuɗin dako ₦15,000, duk ta banki. A buɗe dukkan asusun a rufe. Amsa: banki ₦325,000 debit, dila ₦60,000 kiredit, kowane gefe ₦520,000. Mayar da kaya sabon abu ne, da gangan aka sa shi. Yana da asusunsa, kiredit, ba a zabtare shi daga saye. Rabin makin kowace shigarwa na ɓangare ne, rabi na bayani.

Gyara (minti 7)

A yi musayar takardu tsakanin benci. Malam ya nuna musu cewa daidaituwar jimla ba ta wanke aiki: wanda ya sa kanta a saye, ko ya juya debit da kiredit duka biyu, jimlarsa za ta daidaita, lejarsa kuma ba daidai ba. Idan kuwa gefe biyun sun bambanta, a raba bambancin biyu a nemi wannan lambar, sau da yawa ita aka kai ɓangaren da ba nata ba. Bambancin da ke rabuwa da 9 yakan nuna an juya lamba, kamar 54,000 a maimakon 45,000.

Aikin gida: kowa ya ƙirƙiri ciniki shida na mai shayi, biyu daga ciki na bashi, ya shigar da su a leja ya kawo ranar Litinin.