Ruwan Goro

Sati uku ke nan da Rukayya ta kwashi adashinta ta saro atamfa turmi 12 a babbar kasuwar Katsina, amma guda biyu kacal suka fita, ɗayan ma bashi ne. Kullum bayan la'asar sai ta shimfiɗa su bisa tabarma a tsakar gidansu da ke Ƙofar Marusa, ta ɗauki hoto, ta ɗora a WhatsApp da Facebook. Abin da take rubutawa a sama ba ya canzawa: "Masha Allah, sabbin kaya sun iso, sai kun zo." Mutum fiye da ɗari ke kallo. Daga mai turo hoton zuciya sai mai cewa "Allah ya kawo kasuwa."

Ran wata Laraba Gwaggo Dije ta biyo da ƙullin kayanta a ka. Shekara talatin tana dillanci gida-gida, daga Rafin Daɗi har Ƙofar Ƙaura babu zauren da bai san sallamarta ba. Ta sauke kaya, ta sha ruwan randa, ta dubi Rukayya da ta yi tagumi.

"Ɗiyar nan, mi ya faru? Kasuwar wayar ce ta ƙi?"

Rukayya ta miƙa mata wayar. Gwaggo ta ture hannun. "Kin san ban yi boko ba. Karanta mani."

Ta karanta.

"Wane kaya? Tumatir ko gawayi?"

"Ai ga hoton nan, Gwaggo."

"To, hoto ya ce turmi ne ko falle? Ya faɗi kuɗi? Ni in na shiga gida na ce kaya sun iso, matar gida ko ɗago kai daga tsintar shinkafa ba ta yi. Sai in ce: ga atamfa ruwan goro ta zuwa suna, ba ta zuba, kuɗinta kaza. Wadda ke da suna ran Asabar ita za ta aje tire ta taso. Ke kuma kin tsaya kina kiran kowa, shi ya sa ba wanda ya amsa."

Da dare Rukayya ta kasa barci. Ta shiga zauren saye da sayarwa na matan Katsina, ta riƙa bin tallan mutane kamar mai neman saye. Nan ta lura da abin da bai taɓa zo mata a rai ba: rubutu in ya yi tsawo waya gutsure shi take, farkon kaɗai ake gani. Nata farkon duk addu'a ne da gaisuwa. Ta gwada rubuta "atamfa" a wurin bincike, tallan wasu suka fito rututu, nata babu ko ɗaya, don kalmar ma ba ta cikinsa.

Ta goge, ta rubuta, ta sake gogewa. Ta cire "mai kyau sosai", don ba mai tallar da ke cewa kayansa mummuna ne. Wajen ƙarfe ɗaya ta tsaya a kan wannan: "Atamfa ruwan goro, turmi yadi 6, naira 11,000, ana kaiwa gida cikin Katsina."

Kafin azahar mata huɗu sun yi magana. Ba wadda ta tambayi "nawa?" ta ɓace kamar da. Ta farko cewa ta yi, "Ina Ƙofar Guga, a ba mai Keke ya kawo." Kowane turmi Rukayya ta yi masa nasa kan magana, da launinsa da kuɗinsa. A kwana 9 tabarma ta koma wayam. Ta koma kasuwa ta saro 20, har da mayafai.

Sai zumuɗi ya ɗebe ta. Wata shuɗiya da ba ta taɓa wankewa ba, ta rubuta mata "ba ta zuba", don ta ga kalmar na ja. Bayan kwana biyu wata malamar firamare ta aiko hoton bokiti, ruwan ya koma kamar na marina. Rukayya ta mayar mata da kuɗinta cif, ta shige ɗaki ta yi kuka.

Gwaggo da ta ji ba ta yi faɗa ba. Almakashi ta nema, ta yanko ɗan ƙyalle daga bakin kowane turmi, ta ce a kawo sabulu da roba. Suka zauna gindin darbejiya suna wankewa ɗaya bayan ɗaya. Uku suka zuba.

"Waɗannan fa, Gwaggo? In mayar?"

"Mayar da su ina? Akwai mai son ta zaman gida. Faɗi gaskiyarta ki rage kuɗi."

Rukayya ta goge hannu a zani ta ɗauki waya: "Atamfa shuɗiya ta zaman gida, tana zuba a wankin farko, naira 8,000." Ta karanta wa Gwaggo da ƙarfi.

Gwaggo ta gyaɗa kai, ta jawo ƙullinta ta kwance. Humra ce da turaren wuta a cikin kwalabe.

"To ɗauki hoton waɗannan ma. Ni zan faɗa, ke ki rubuta."