Zuwa ga Malam Aminu: hutun rashin lafiya da hutun shekara

Assalamu alaikum Malam Aminu, ya sabon wuri?

Jiya ka tambaye ni ko za a iya cire maka kwana biyu daga hutun rashin lafiya ka je bikin ƙanwarka a Gumel. Ba zai yiwu ba. Ka nemi izini wajen shugaban sashenku, ba ya hana irin wannan in an gaya masa da wuri. Amma gara in warware maka bambancin tun yanzu, don nan ne sababbin ma'aikata suka fi rikicewa.

Hutun shekara haƙƙinka ne, ko lafiyarka ƙalau. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, sashe na 18, ta ce wanda ya yi wata 12 yana aiki a jere yana da aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi. Mu a nan kwana 21 muke bayarwa, kamar yadda yake a takardar ɗaukarka aiki. Kai ka fara a Maris, sai Maris mai zuwa naka zai yi. Cike fom ake yi wata guda kafin lokacin, shugaban sashe ya sa hannu. Yana iya ce maka ka matsa gaba, musamman gab da Sallah, lokacin da kowa yake son tafiya gida. Kuma doka ta hana a biya ka kuɗi a madadin hutun muddin kana bakin aiki, saboda haka kada ka roƙa.

Hutun rashin lafiya kuwa ba a tsara shi, ciwo ne yake kawo shi. Sashe na 16 ya ba da har kwana 12 na aiki a shekara da albashi, da sharaɗin likita mai rajista ya tabbatar ba ka da lafiya. Takardar mai kemis ba ta karɓuwa, komai sanin da ka yi masa. In zazzaɓi ya kwantar da kai, ka kira shugaban sashe kafin ƙarfe tara na safe, ko wani a gida ya kira, sannan ka kawo takardar asibiti ranar da ka dawo.

Kwana 12 ɗin nan ba ajiya ba ce. Wanda Allah ya ba lafiya har shekara ta ƙare bai taɓa su ba, ba ya bin kowa bashinsu, ba a kuma ɗora su kan na baɗi. Haka nan, don Allah kada ka ci hutun shekararka a gadon asibiti saboda kunyar cewa ba ka da lafiya. Kwanakin jinya ba a rage su daga 21 ɗinka.

Rauni a bakin injin zancensa daban ne, yana ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010 da NSITF, hukumar da ke biyan diyyar. In hakan ta faru, Allah ya kiyaye, a sanar da ofishinmu a ranar.

Fom ɗin duka biyu suna teburina. Ka leƙo bayan azahar ka karɓa.

Na gode,
Hajiya Rabi
Sashen kula da ma'aikata