Amsa ga Hajiya Kan Kwandon Tumatir

Salamu alaikum Hajiya. Mun ga ƙorafinki cewa tumatir ɗin da muka aiko miki ya lalace, wai mun ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasan kwando, mun kuma duba hotunan da kika sa. Tunda a bainar jama'a kika yi magana, ya dace mu amsa a nan kowa ya gani.

Kin yi gaskiya, tumatir ɗin ƙasan kwandon ya fashe, ruwansa har ya jiƙa buhun albasar. Kayanki sun bar kasuwar Mile 12 ta Legas da ƙarfe 8 na safiyar Asabar, ba su isa Agege ba sai bayan La'asar, saboda motar ta lalace a hanyar Ojota. Tumatir kuwa, wanda ya riga ya sha doguwar tafiya daga Arewa, ba ya jure zaman rana. Amma wannan ba damuwarki ba ce. Kin biya kuɗin kaya masu kyau, su ya kamata ki samu. Ki yi haƙuri.

Maganar cewa mun cusa ruɓaɓɓe a ƙasa muka rufe da mai kyau, wannan kam ba mu yi ba. A gaban mai saye muke juye kwando idan ya buƙata, kuma duk wanda ya zo rumfarmu zai iya gwadawa.

Zaɓi naki ne Hajiya: ko mu kawo miki sabon kwando gobe da safe, kuɗin mota a kanmu, ko mu mayar miki da kuɗin tumatir ɗin yau. Ki sanar da mu kafin Magariba don mu ware miki.

Mun gode. Allah ya huci zuciyarki.